An cire wa manomi kuɗin taki sau biyu bayan wa'adin jira ya ƙare: ina gyaran yake?

Ɗan Auyo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata manhaja da aka danƙa mini kulawa da ita, ta wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan yankin Auyo. Ƙungiyar tana ba mambobinta taki bashi a farkon noman rani, su kuma su biya kashi uku, kuma yawancinsu sun amince a ajiye izinin cire kuɗi daga katinsu, ta yadda idan lokacin biya ya yi sakataren ƙungiya zai danna maɓalli a wayarsa, sabarmu kuma ta aika wa kamfanin biyan kuɗi buƙatar a cire kason. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ban ga laifinsa a cikin lamarin ba.

Wani manomi ya zo ofis da alat guda biyu a wayarsa, kowane na naira 18,500, tsakaninsu bai kai minti ɗaya ba, alhali littafinmu kaso ɗaya ya nuna. Ga abin da na tarar a bayanan sabar:

```
10:42:07 POST charge ref=PAY-104207 amount=1850000
10:42:37 ReadTimeout
10:42:38 POST charge ref=PAY-104238 amount=1850000
10:42:40 200 success
```

Wanda ya rubuta manhajar ya sa ta jira daƙiƙa 30, idan amsa ba ta zo ba ta sake aikawa. An riga an mayar wa manomin kuɗinsa, amma kaso na biyu yana tafe, mambobi kuma sun haura ɗari huɗu. Ta yaya zan tabbatar hakan bai sake faruwa ba?

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam. Wannan matsalar sabis ce, Malam, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙauyukanmu ya san ta. Shawarata ita ce ka kashe maɓallin da zarar sakatare ya danna shi sau ɗaya, ka ɗaga wa'adin jiran zuwa daƙiƙa 120, sannan ka cire sake aikawar nan gaba ɗaya. Idan an aika sau ɗaya kawai, babu ta inda za a cire sau biyu.

Injiniya:

Baban Khalifa, kashe maɓalli abu ne mai kyau, amma ka sake duba layukan da ya turo. Sau ɗaya sakatare ya danna, kuma jinkirin bai faru tsakanin wayarsa da sabar ba, ya faru ne tsakanin sabar da kamfanin biyan kuɗi, inda sabis ɗin ƙauye ba shi da hannu. Cire sake aikawa ma ba zai raba gardama ba, domin sakatare zai ga an rubuta masa cewa biyan bai yiwu ba, gobe ya sake dannawa da hannunsa, a koma gidan jiya.

Asalin matsalar tana cikin fassarar da manhajar ta yi wa layi na biyu. `ReadTimeout` ba ya nufin biyan ya faɗi. Abin da yake nufi shi ne an haɗu da kamfanin, an miƙa buƙatar, amma amsa ba ta iso ba kafin sabar ta gaji da jira. Daga nan abu uku ne zai yiwu: ko buƙatar ta lalace kafin a fara aiki a kanta, ko tana nan ana jiran bankin manomin ya amsa, ko kuma an cire kuɗin amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa. Daga inda sabar take tsaye, duka ukun kamarsu ɗaya. Kamar ka aiki yaro da kuɗi ya biya maka bashi a kanti ne, magariba ta yi bai dawo ba. Rashin dawowarsa bai gaya maka ko mai kanti ya karɓi kuɗin ba. Da a ce `ConnectTimeout` ne, da an san ba a ma haɗu ba, kuma sake aikawa ba shi da haɗari, amma ba shi ne ya faru a nan ba.

Sake aikawar ba ita ce aibu ba. Aibun shi ne buƙata ta biyu ta tafi da sabuwar lamba. Dubi `ref` ɗin: daga agogo ake ƙirƙirar ta a daidai lokacin aikawa, saboda haka kamfanin ya ga `PAY-104207` da `PAY-104238` a matsayin ciniki biyu mabambanta, kuma yana da gaskiya, domin babu abin da ya hana mutum ɗaya biyan naira 18,500 sau biyu da niyya. Da buƙatun biyu sun tafi da lamba ɗaya, da kamfanin ya gane cewa magana ɗaya ce ake maimaita masa.

Kamfanoni sun bambanta a yadda suke karɓar wannan lambar. A wajen Stripe, ana sa ta a kan buƙatar `POST` da sunan `Idempotency-Key`, wato mabuɗin hana maimaita ciniki. Suna ajiye amsar da suka bayar a karon farko tare da wannan mabuɗin, kuma duk wanda ya dawo da mabuɗin nan da bayanai iri ɗaya, tsohuwar amsar za a ba shi ba tare da an sake taɓa katin ba. Idan kuwa ya dawo da mabuɗi ɗaya amma ya canza adadin kuɗi, za a ƙi buƙatar. A wajen Paystack kuwa `reference` ce take yin wannan gadin, sai dai ba tsohuwar amsa za a dawo maka da ita ba, kuskure za a ba ka cewa an riga an yi amfani da lambar, sannan kai ka je ka tambayi makomarta ta `GET /transaction/verify/:reference`. Wajibi ne ka karanta takardun kamfaninku ka san wanne daga cikin ɗabi'un biyu yake da ita, domin manhajar da ta ɗauki kuskuren maimaita lamba a matsayin faɗuwar biya za ta bar kason a buɗe alhali kuɗin ya fita.

Ɗan Auyo:

Na gode, Injiniya. To, idan na fahimce ku, sai in ɗauko layin da yake ƙirƙirar lambar in fitar da shi daga cikin zagayen sake aikawa, ta yadda duk ƙoƙarin da za a yi zai tafi da lamba ɗaya. Shi ke nan gyaran?

Injiniya:

Wannan zai magance abin da ya faru da ƙarfe 10:42, amma bai isa ba. Lambar da take zaune a ƙwaƙwalwar manhaja kawai tana mutuwa idan sabar ta mutu. Ka ɗauka an aika buƙatar, sabar ta faɗi kafin amsa ta zo, ta tashi bayan minti biyu: ba ta san ta taɓa aikawa ba, sakatare ya sake dannawa, a haifi sabuwar lamba. Saboda haka tsarin ayyukan shi ne a fara rubutawa a rumbun bayanai, sannan a aika. Kafin kowace buƙata ta fita, a buɗe layi a teburin `payments` mai ɗauke da lambar, da kason da ake biya, da adadin kuɗin a kobo, da matsayin `pending`, wato ana jiran sakamako, a tabbatar rubutun ya zauna, sai a kira kamfanin.

Lambar kuma ta kason ce, dannawa ba ta da lambar kanta. Idan manomi mai lamba 412 yana biyan kaso na 2 a ƙoƙari na 1, lambar tana iya zama `KASO-412-2-1`, ko kuma a ƙirƙiri `UUID`, wato doguwar lambar da ba ta maimaituwa, a ajiye shi a layin. Ni ban damu da wanne aka zaɓa ba muddin an ajiye kafin aikawa. Idan sakatare ya sake dannawa, sabar ta fara dubawa ko akwai layin da yake buɗe na wannan kason, idan akwai ta yi aiki da shi. Kada kuma ka dogara da dubawar manhaja kaɗai, domin dannawa biyu da suka iso a lokaci guda kowace za ta duba ta ga babu komai. Ka bar rumbun bayanai ya yi hukunci:

```sql
CREATE UNIQUE INDEX one_live_payment
ON payments (installment_id)
WHERE status IN ('pending', 'paid');
```

Wannan yana aiki a PostgreSQL da SQLite. MySQL ba ta karɓar `WHERE` a irin wannan wurin, sai an bi ta wata dabara. Da wannan shingen, kaso ɗaya ba zai taɓa samun layi biyu masu rai ba, ko da sakatare da ma'aji sun danna tare daga wayoyi biyu. Kuma idan wa'adin jira ya ƙare, matsayin ya ci gaba da zama `pending`, allon sakatare kuma ya nuna masa cewa ana tabbatarwa, kada ya ga kalmar da za ta sa ya ɗauka an faɗi.

Mai POS na Kura:

Ranka ya daɗe Injiniya, mu ma wannan abin yana damunmu a kasuwa. Mutum zai sa katinsa, na'ura ta fitar da rasit cewa bai shiga ba, amma alat ya zo masa an cire, sai rigima ta tashi a gaban teburina. Shin wannan mabuɗin da kuke magana akwai inda zan kunna shi a na'urata?

Injiniya:

Babu, ɗan'uwa. Tushen abin ɗaya ne, wato amsa ta ɓata bayan banki ya riga ya cire, amma a na'urarka maganin yana hannun kamfanin da ya ba ka ita da bankuna, ta hanyar mayar da kuɗin da aka cire. Abin da yake hannunka shi ne ka duba tarihin cinikin a manhajar kamfanin kafin ka sake sa katin, ka kuma ba mai katin rasit ɗin ya riƙe. Maganar da muke yi a nan ta wanda yake rubuta manhajar da take aika buƙatar ce.

Maman Ihsan:

Ni ma'aji ce a wata ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa, ba mai rubuta manhaja ba ce, amma tambayata ta littafi ce. Kun ce a bar layin a `pending`. To, wa zai fitar da shi daga nan, kuma yaushe? Manomin yana tsaye a gaban sakatare yana so ya ji ko ya biya, kuma a ƙarshen rana dole lissafi ya rufe.

Injiniya:

Hajiya, tambayarki ita ce rabin aikin da ya rage, kuma nan ne webhuk yake shigowa. Mabuɗi yana hana a cire sau biyu, amma ba ya kawo labarin yadda na farkon ya ƙare idan ba ka koma ka tambaya ba. Webhuk kuwa kamfanin ne da kansa yake kiran wani adireshi a sabarku da zarar cinikin ya kammala, ko da kiran da kuka yi masa ya daɗe da yankewa. A Paystack saƙon nasara sunansa `charge.success`, kuma yana zuwa da `reference` ɗin da kuka aika, wanda da shi za a nemo layin da yake jira. Ga amfanin rubutawa kafin aikawa ke nan. Ɗan Auyo, ina kyautata zaton idan ka duba za ka ga saƙon `PAY-104207` ya iso, sai dai bai tarar da layin da ya san shi ba.

Ɗan Auyo:

Haka ne kuwa. Ya iso da ƙarfe 10:42:51, manhajar ta rubuta `unknown reference`, ta amsa da 200, wato alamar an karɓa, ta watsar. Ashe labarin cirewar farko yana cikin sabar tun ranar, ba wanda ya karanta shi.

Injiniya:

To, daga yau saƙon da ya zo da sa hannu na gaskiya amma lambarsa ba ta cikin littafi, a ajiye shi a kuma sanar da mutum, domin kuɗi ne ya motsa ba tare da sanin littafi ba.

Shi kansa webhuk yana da nasa sharuɗɗa. Adireshin a buɗe yake ga duk duniya, kowa yana iya aika masa saƙon ƙarya cewa an biya, saboda haka abu na farko shi ne tantance sa hannu. Paystack suna sa shi a `x-paystack-signature`, wanda `HMAC` ne da `SHA512` na jikin saƙon da mabuɗinku na sirri. Stripe suna amfani da `Stripe-Signature`. A lissafa a kan jikin saƙon yadda ya iso, domin idan aka warware shi aka sake haɗawa, tazara ɗaya da ta canza ta isa ta sa sa hannun ya ƙi daidaita. Bayan haka a gwada adadin da nau'in kuɗin da abin da yake layin: 1850000 a kobo, ba 18500 ba.

Abu na biyu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, saƙon yana iya zuwa fiye da sau ɗaya. Idan kamfanin bai samu 200 daga gare ku ba zai sake turowa. Paystack suna maimaitawa duk minti 3 a ƙoƙari huɗu na farko, sannan duk awa har awa 72, Stripe kuma har kwana uku da tazara mai ƙaruwa. Wato matsalar da kuka samu da su, su ma suna samun ta da ku: kun karɓa, kun rubuta, amsarku ta ɓata, sun sake turowa. Idan kowane saƙo yana rage bashin manomi da naira 18,500, an gudu daga cirewa biyu an faɗa cikin ragewa biyu, wannan karon ƙungiya ce za ta yi asara. Maganinsa layi ɗaya ne:

```sql
UPDATE payments SET status = 'paid'
WHERE reference = $1 AND status = 'pending';
```

Idan wannan ya taɓa layi ɗaya, a rage bashin a cikin ma'amala guda ta rumbun bayanai, ta yadda ko su zauna tare ko su faɗi tare. Idan bai taɓa ko ɗaya ba kuma layin yana `paid`, an riga an yi aikin, a amsa da 200 a wuce. Amsar kiran farko, da webhuk, da tambayar tabbatarwa, duk su bi ta wannan ƙofa ɗaya, wanda ya riga isowa shi ne zai yi tasiri. Kada a amsa 200 kafin a ajiye saƙon, kada kuma a tsaya tura wa manomi saƙon waya kafin a amsa. A ajiye, a amsa, sauran ayyuka su biyo baya.

Baban Khalifa:

Na karɓi gyara a kan sabis. Amma Injiniya, idan akwai hanyar tambayar kamfani kai tsaye, ni ban ga dalilin wahalar webhuk ba. A sa sabar ta riƙa tambaya duk minti ɗaya har ta samu amsa, a huta da sa hannu da buɗe adireshi ga duniya. Na taɓa yi wa wata makaranta haka a Ringim, inda manhajar take kan kwamfutar ofis da ba ta da adireshin da za a kira daga waje, kuma ya yi aiki.

Injiniya:

A irin wannan halin hanyarka ce kaɗai mafita, kuma ko inda akwai webhuk ina so a riƙe ta a matsayin madogara, wato wani aiki da yake zagayawa lokaci-lokaci yana tambayar duk layin da ya daɗe a `pending`, domin sabar da ta kwana huɗu a kashe ta wuce wa'adin maimaitawa. Abin da tambaya kaɗai ba za ta ba ka ba shi ne labarin lambar da ba ka san da ita ba, kamar wadda ta iso wa Ɗan Auyo, da abin da ya faru bayan ka daina tambaya, kamar mayar da kuɗi ko ƙorafin mai kati a bankinsa. Sannan a kula da amsar tabbatarwa ta Paystack: `status` na waje yana nufin kiran ya yi nasara ne kawai, makomar kuɗin tana cikin `data.status`, kuma tana iya zama `success`, ko `failed`, ko `abandoned`, ko wani matsayi da yake nuna ana kan aiki. An sha ganin manhajar da ta karanta na wajen ta rubuta an biya.

Baban Khalifa:

Duk da haka ina ganin ga ƙungiya mai mutum ɗari huɗu tambaya da duba rahoton kamfani a ƙarshen rana sun wadatar. Amma tunda nasa webhuk ɗin yana nan yana aiki, ya gyara shi ya fi ya cire.

Ɗan Auyo:

Saura abu biyu. Idan asusun manomi babu kuɗi aka ƙi cirewa, bayan ya sayar da shinkafa mu sake gwadawa, da tsohuwar lambar za mu koma? Kuma idan na tambaya bayan yankewa aka ce ba a san lambar ba, shin na samu izinin buɗe sabuwa?

Injiniya:

A na farko, sabuwar lamba. Ƙin cirewa amsa ce tabbatacciya, saboda haka a mayar da layin `failed`, wanda zai fitar da shi daga shingen da muka kafa, sannan a buɗe `KASO-412-2-2`. Idan ka koma da tsohuwar, ko dai a dawo maka da tsohon ƙin, ko a ce lambar ta maimaitu.

A na biyu, a'a. Daƙiƙa kaɗan bayan yankewa, rashin ganin lambar yana iya nufin buƙatar ba ta isa ba, yana kuma iya nufin ba a gama rubuta ta a can ba. Ka sake aikawa da lambar nan dai: idan ba ta isa ba yanzu za ta isa, idan kuwa ta isa za a tare ta. Akwai iyaka ɗaya da ya kamata a sani, ita ce Stripe suna iya share mabuɗi bayan ya kai awa 24, kuma buƙatar da ta zo da shi bayan an share sabuwa ce a wurinsu. Saboda haka layin da ya kwana a `pending` ba a sake aika shi da ido rufe, sai an nemo makomarsa a wajen kamfanin tukuna.

Maman Ihsan:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Amma ga abin da na san zai faru a ƙasa. Manomi ya baro gonarsa, an ce masa ana tabbatarwa, alat bai zo ba saboda wayarsa ba ta kama sabis a ofis, yana so ya koma kafin rana ta yi zafi. Sai ya zaro kuɗi hannu ya ce a karɓa a rubuta masa, ko ya tsallaka wajen mai POS ya yi tiransifa zuwa asusun ƙungiya. Bayan awa ɗaya saƙon nasara ya iso. Kamfanin bai cire sau biyu ba, amma mutumin ya biya sau biyu.

Injiniya:

Gaskiya ne, Hajiya, kuma babu mabuɗin da yake ganin kuɗin hannu. Abin da manhaja za ta iya shi ne kuɗin hannu ma ya shiga teburin `payments` a matsayin layi na wannan kason, sai shingen ya ƙi karɓarsa muddin akwai mai jira. Ni da na hana karɓa har sai an samu amsa tabbatacciya.

Maman Ihsan:

Idan manhaja ta ƙi, sakatare zai karɓa ya rubuta a takarda, sai abin ya fita daga idon kowa. Ni na fi son a bar shi ya shigar da kuɗin a matsayin ajiya da sunan manomin, ba biyan kaso ba. Idan na kati ya faɗi, ajiyar ta koma biyan kason. Idan ya yi nasara, ta tafi kaso na gaba ko a mayar masa, kuma ya san da wannan sharaɗin tun kafin ya miƙa kuɗin.

Injiniya:

Zai yiwu, amma ya ƙara tebur da kuma wani wurin da za a iya yin kuskure, musamman idan kaso na ƙarshe ne, inda babu na gaba da za a tura ajiyar. Ban gamsu ba tukuna.

Ɗan Auyo:

Wannan ba ni zan yanke ba, zan kai wa shugabannin ƙungiya ra'ayoyin biyu a zaman ranar Juma'a. Kafin nan zan sa shingen da ajiye lamba kafin aikawa, in gwada da mabuɗan gwaji ta hanyar rage wa'adin jira zuwa daƙiƙa 1 da gangan, in kuma tura wa adireshin webhuk saƙo ɗaya sau uku in ga ko bashin zai ragu sau ɗaya. Zan kuma nemo duk inda aka rubuta `unknown reference` tun farkon noman rani, domin wanda ya zo ofis shi ne wanda ya karanta alat ɗinsa, kuma ba kowane mamba ne yake karantawa ba.